Wane lissafin kalori ya dace da mai ɗaga ƙarfe?

"Nauyina kilo 90 ne, kitsena kashi 10 cikin ɗari. Me ya sa aka ce in bi lissafin Katch-McArdle?"

Saboda tsoka ta fi kitse cin kuzari ko kana kwance, alhali lissafin Mifflin-St Jeor nauyi da tsawo da shekaru da jinsi kawai yake dubawa, sai ya ɗauke ka tamkar mai teɓa.

Shi kuwa Katch-McArdle nauyinka ban da kitse yake dubawa. Idan aka cire kitsenka, saura kilo 81. Ka ninka da 21.6, ka ƙara 370, ka sami kalori kusan 2,120 da jikinka ke ƙonawa a yini in kana hutawa kawai. Mifflin kuwa, ga namiji ɗan shekara 30 mai tsawon santimita 180, zai ba da 1,880.

Sai dai sikelin gida yakan yi kuskuren auna kitse, musamman bayan gumi, don haka ka bari masanin abinci ya auna ka.