Simuleshan ya nuna lafiya lau, amma wuƙa ta karye: ina matsalar take?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na zana wani fayis na alminiyum a manhajar Fusion don in yanka a injin CNC, milimita 100 × 60 × 20, da rami a tsakiya mai 40 × 30, zurfi 12, kwanoninsa rediyos 3. Na sa wuƙar endimil mai dayamita 6, sitefoba, wato tazarar layin yanka da na kusa da shi, kashi 40 cikin ɗari na faɗin wuƙa kamar yadda aka koya mini. Simuleshan bai nuna ja ko ɗaya ba. Da na ɗaura sandar inci ɗaya na ɗauki sifili daga ƙasanta, wuƙar farko ta karye tun ba ta fara yanka ba. Ta biyu na gwada a wani guntu da aka riga aka share samansa, ta yanka, amma tana ihu a kwana, ramin kuma ya fito 40.35. Injin ne ya lalace, ko sitefoba zan rage? Tsoron danna maɓallin nake yi yanzu.

Amsa: Malam, ƙyale injin nan, lafiyarsa ƙalau. Kuma kada ka taɓa sitefoba tukuna, shi ne na ƙarshe a cikin masu laifi.

Sandar inci ɗaya kaurinta milimita 25.4 ne, zanenka kuwa 20. Na san abin da ka yi a `Setup`, domin kullum sai na gani: ka bar `Stock` daidai da girman zanen, ko ka ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wurin manhajar, ƙarfe ya ƙare a Z20, duk abin da ke sama da nan iska ce. Buɗe fayil ɗin da ta fitar, za ka tarar da wani abu mai kama da wannan:

```
G54
G0 X50. Y30.
G0 Z22.
G1 Z20. F300.
```

Layi na uku shi ya karya maka wuƙa. `G0` gudu ne na tsallake fili, ba na yanka ba. Manhajar ta ce a sauko da gudu a tsaya milimita 2 sama da ƙarfe, alhali a kan teburinka Z22 yana milimita 3.4 a cikin ƙarfen. Guntun da aka share samansa bai karya komai ba saboda shi kaurinsa ya yi daidai da abin da ka rubuta. Kai da kanka ka yi gwajin da ya gano cutar, ba ka dai lura ba.

To, bari in tsaya a kan maganar "simuleshan bai nuna ja ba", don ta ishe ni. Ba ranar da za ta fito ta faɗi wani bai kawo mini ita a matsayin hujja ba, yana riƙe da guntun wuƙa a hannu. Simuleshan bai taɓa ganin injinka ba. Bai san me ka ɗaura a bayis ba, bai san wace wuƙa ka cusa a kolet ba, bai san inda ka ɗauki sifili ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya ɗauki lambobin da ka ba shi ya gwada su da sauran lambobin da ka ba shi. In ka yi masa ƙarya sau biyu kuma ƙaryar ta dace da juna, kore zai nuna maka har ƙarshe. Ai mai shaida ba ya faɗin abin da bai gani ba. Haƙiƙa manhajar tana kama `G0` da ya faɗa cikin ƙarfe, amma ƙarfen da ta sani, ba wanda ke gabanka ba. Haka muƙamuƙan bayis da kilam: in ba ka zana su ka nuna mata su a matsayin abin riƙo ba, za ta ratsa ta cikinsu hankalinta kwance.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu koyarwar kwana uku da ke sakin yara da cewa kore ya fito, a danna. Su ba su taɓa tsayawa kusa da guntun kabaid da ya ɓalle daga sifindil mai juyi dubu goma a minti ba. Kabaid ba ya lanƙwashewa, tarwatsewa yake yi, kuma a ƙaramin inji marar ƙofa ba abin da ke tsakaninsa da idonka sai tabarau, in ka sa. Na taɓa ganin an yi asarar sifindil sukutum a wani wurin aiki da ba zan ambata ba, kan bambancin kauri da baniya za ta nuna cikin daƙiƙa goma. Wanda ya yi ɗin ma ba sabon hannu ba ne. Ya karanta girman a takardar oda ne, bai auna ba.

Don haka a fara da baniya kafin linzamin kwamfuta. Auna sandar a wurare da dama, domin yankan zarto ba ya miƙewa, sannan ka rubuta lamba mafi girma. A ce ka samu 106.3 × 63.5 × 25.4. Zaɓi `Fixed size box` ka shigar da su haka, ba `Relative size box` ba, wanda ke lissafi daga zane. Rarar 5.4 ɗin nan kada ka bari manhajar ta raba ta biyu da kanta. Bar milimita 1 a sama don sharewa, sauran 4.4 su zauna a ƙasa bayis ya kama, in ka juya fayis ɗin sai ka share su. Sifili kuma, wurin da ka nuna a `Setup` shi ne wurin da za ka taɓa a inji, ba makusancinsa ba. Ga mai koyo na fi son saman ɗanyen ƙarfen, saboda in an yi kuskure a kauri, fayis ne zai fito ba daidai ba, wuƙa ba za ta nutse da gudu ba.

Sai batun 40.35. Wannan lamba ta tona asirin wuƙarka: ba mai 6 ba ce, mai kwatan inci ce, wato 6.35. A ido ba ka raba su. Manhajar tana jan tsakiyar wuƙa nesa da bango da rabin dayamitar da ka rubuta, wato 3. Taka rabinta 3.175 ne, sai ta ci ƙarin 0.175 a kowane bango, bango biyu 0.35. Auna faɗin ramin, za ka ga 30.35. Da ka zagaye wajen fayis ɗin da ita, ƙanƙancewa zai yi zuwa 99.65. Alamar kuskuren dayamita kenan: rami ya buɗe, waje ya tsuke, da adadi ɗaya, a X da Y duka. Matsalar inji ba ta cika zuwa a tsare haka ba. Karanta rubutun da ke jikin wuƙar, ka auna ta, in kuma aikin na buƙatar daidaito sosai, yanka ɗan tsagi a guntun banza ka auna faɗinsa, don tsagin yana haɗawa da girgiɗin kolet, wanda awon wuƙa a hannu ba ya nunawa.

Ko da ka samo mai 6 ta gaske, ihun kwana ba zai daina ba, kuma a nan ne sitefoba ya shigo. Kashi 40 ɗin da ka rubuta gaskiya ne a miƙaƙƙen layi kaɗai, inda kusan digiri 78 na zagayen wuƙa ke cikin ƙarfe. Da ta isa kwanar da rediyos ɗinta ya yi daidai da nata, ba ta da wurin zagayawa. Tsayawa take cak ta juya, a lokacin kuma bangon gaba da na gefe sun rungume ta tare, abin ya kusanci yankan cikakken tsagi. Ƙarar da kake ji kenan, kuma za ka ga zanen karkarwa a bangon kwanar. Magani shi ne rediyos ɗin wuƙar gamawa ya fi na kwana ƙanƙanta: mai dayamita 5 ko 4 ga kwana mai rediyos 3. Da mai 4, tsakiyarta na bin baka mai rediyos 1, ba ta tsayawa. Ko ka roƙi mai zanen ya mai da kwanar 3.5 in ba abin da zai ɓaci. Sau da yawa 3 ɗin nan ba wanda ya yi tunani a kanta.

Wajen kwashe cikin ramin, ni `Adaptive Clearing` zan bi, domin shi yana lanƙwasa hanya don kada cizon wuƙa ya wuce abin da ka ƙayyade, har a kwana. Sa `Optimal Load` a 0.6, kashi 10 na wuƙa mai 6, ka sauka zurfin 12 gaba ɗaya muddin tsawon haƙoranta ya haura haka. Bar 0.2 a `Stock to Leave` don zagayen gamawa. Sai dai ka kula da abu ɗaya: a kashi 10, ɓarɓashin da kowane haƙori ke ɗebowa kashi 60 ne kawai na abin da ka rubuta. In kana son kaurin 0.03, rubuta 0.05 ga kowane haƙori. Wuƙa mai haƙora 3 a juyi 10,000 za ta tafi 1,500 a minti kenan, ba 900 ba. Wanda ya rage sitefoba ya kuma rage gudu don tsoro, gugar ƙarfe yake yi ba yanka ba, alminiyum ya yi zafi ya manne a haƙora.

Kuma don Allah kada ka ɗauki kashi 40 ɗin nan ka kai shi kan wuƙa mai zagayayyen baki ranar da za ka gama lanƙwasasshen sama. Can tudun da ke saura tsakanin layi da layi ake lissafawa, inda h ne tsayin tudun, R rediyos ɗin wuƙa, s kuma tazarar layi da layi:

```
h = R - sqrt(R^2 - (s/2)^2)
```

Da mai 6, tazarar 2.4 na barin kunya mai tsayin 0.25, wadda farce ke kamawa. Tazarar 0.6 na barin 0.015. In ka raba tazara biyu, tudu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin aiki kuwa ya ninka, sai ka zaɓi inda za ka tsaya gwargwadon santsin da ake nema.

Tsoron da kake ji ba laifi ba ne, ga yadda za ka yi amfani da shi. Bayan ka gyara lambobin, ɗaga sifilin Z da milimita 50 ka bar shirin ya yi yawo a iska sau ɗaya. Sannan ka mayar da shi, ka rage gudun `G0` zuwa mafi ƙanƙanta, ka kunna `Single Block`. Wuƙa na saukowa ka dakatar da ita tana sama da ƙarfe, ka dubi `Distance to Go` a allo. In allo ya ce saura milimita 8 ta sauka, idonka kuma na ganin tazarar 5, ɗaga ta sama ka koma `Setup`.