Tambayoyinku kan Fasaha: Bidiyon Masu Rashin Barci

Tambaya: Malam, ina haɗa bidiyon tunani na dare saboda masu fama da rashin barci, hoton teku yana tafiya a hankali ina magana ƙasa-ƙasa. Amma masu kallo suna ƙorafin ba sa jin muryata, in sun ƙure sauti kuma sai ƙarar janareta. Wace makirufo zan saya? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Malam, mayar da kuɗinka aljihu, ba ka da abin nema a kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Computer Village tukuna. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya ajiye waya can ƙarshen tebur, ya koma gefe yana raɗa kamar mai gulmar maƙwabci, ya ce wai murya mai taushi ke nan. Taushin murya daga bakinka yake fitowa, ƙarfin sauti kuwa na'ura ce ke auna shi. In ka naɗi magana da rauni, dole mai kallo ya ƙure lasifika, duk abin da ke bayanka kuma ya taso tare da muryar: fanka, janaretan maƙwabta, hon ɗin danfo. Mafi muni, da zarar talla ta shigo da cikakken sautinta, bawan Allah da barci ya fara fizga sai ya zabura. Ka zo taimako ka ƙara masa ciwo.

Ka matso da wayar kusa da bakinka, tazarar kamar taƙi ɗaya, ka ɗan kautar da ita gefe don kada iskar numfashi ta riƙa bugunta. Kusancin nan shi ke sa muryarka ta rinjayi hayaniyar unguwa. Ni na fi son naɗi a gaban wadirof a buɗe, domin tufafi suna shanye amsa-kuwwar ɗaki. Kashe fanka, ka jure zafin Legas na rabin awa. Kafin ka ce uffan, bar wayar ta naɗi daƙiƙa 10 na ɗakin kawai.

Sai ka kai sautin cikin Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, kyauta ce. Zaɓi daƙiƙa goman nan, ka buɗe Noise Reduction, ka danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi dukan sautin ka sake buɗe shi ka zartar. Wajen yawan hayaniyar da za a rage, ka tsaya tsakanin 6 da 10 dB. Masu zari suna kai shi 20 ko fiye, kuma nan take kunne ke ganewa: ƙarshen kalmomi yana yankewa, muryar tana wani ƙara irin na ƙarfe. In ka ji haka, koma baya ka rage. In gurnanin janareta bai fita ba, High-Pass Filter a kan 80 Hz zai rage shi ba tare da ya ɓata muryarka ba. Daga ƙarshe ka daidaita ƙarfin sautin da Loudness Normalization a kan -16 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti. YouTube yana rage sautin da ya yi yawa zuwa wajen -14, amma kada ka sa ran zai ɗago maka wanda ya yi rauni, wannan aikinka ne.

Sautin teku ko na ruwan sama da kake sawa a baya, ka sauke shi ƙasa da muryarka sosai. Gwada shi da lasifikar waya a rabin sauti, kana kwance; in ka rasa kalma ɗaya, ruwan ya yi yawa.

Saura talla. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya. In tasharka tana karɓar kuɗin talla, shiga YouTube Studio ka cire ta tsakiyar daga irin waɗannan bidiyo. Na san kuɗi zai ragu. Amma wanda ka tasa daga barci ƙarfe biyun dare ba zai sake dawowa tasharka ba.

Tambaya: Ina kunna irin bidiyon nan in yi barci, da asuba in tarar data ta ƙare ƙaf. Daga wata mai karatu a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, ke kin yi barci, wayar ta kwana tana kallo. Kashe Autoplay, ki danna alamar saiti a kan bidiyon ki sa Sleep timer na minti 30, ki sauke Quality zuwa 144p tunda idonki a rufe yake.

Tambaya: Wayata tana zafi in na sa ta ƙarƙashin filo tana caji ina sauraro. Daga mai sayar da albasa a Mile 12.

Amsa: Alhaji, ciro ta tun yau. Caji yana ɗumama batir, bidiyo yana ƙarawa, filo kuma ya hana zafin fita. Haka batir ke kumbura. Yi cajinka da yamma, ka kifa ta a kan tebur kusa da gado.