Zan Ajiye Aikin Jinya Don Ƙarin Karatu: Notis Na Kwana Nawa Zan Bayar?

Tambaya: Ni nas ce a wani asibitin kuɗi, shekarata 3 a wurin. Na samu gurbin karatun digiri a fannin jinya, za mu fara ranar 3 ga Nuwamba. Yaya zan rubuta takardar ajiye aiki ba tare da mun ɓata da su ba, kuma notis na kwana nawa zan bayar? — Wata 'yar uwa daga Zariya

Amsa: Allah ya sanya alheri, 'yar uwa. Kafin ki ɗauki biro, lalubo takardar da suka ba ki ranar da aka ɗauke ki aiki, domin wa'adin notis yana cikinta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 yana ba da mako 2, wanda ya kai shekara 5 kuma wata guda. Amma wannan mafi ƙaranci ne. In takardarki ta ce wata guda, to wata guda ɗin ne ya hau kanki, tunda kin sa hannu.

Mu ƙaddara wata guda ta ce. Ranar da kika miƙa takarda ba ta shiga lissafi. In kin miƙa ranar 30 ga Satumba, ƙirga zai fara 1 ga Oktoba, ki gama 31 ga Oktoba, ki samu kwana biyu na haɗa kaya. In kika yi jinkiri har 10 ga Oktoba, wa'adin zai kai ki 10 ga Nuwamba, an riga an shiga aji. A nan sai dai ki biya kuɗi a madadin kwanakin da ba ki cika ba. Mai albashin naira 120,000 da ta gaza da kwana 10, wajen naira 40,000 ke nan, wani asibitin ma cewa zai yi sai albashin wata cikakke. In kina da ragowar hutun shekara, ki roƙi a cike giɓin da shi, amma sai da amincewarsu, kuma a rubuce.

Takardar da Turanci ake rubuta ta, zuwa ga shugaban asibiti ta hannun metiron ɗinku. Ga abin da za ta ƙunsa:

"Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya domin in tafi ƙarin karatu. Wannan takarda ita ce notis na wata guda kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba. Kafin ranar zan miƙa duk abin da ke hannuna ga wadda kuka zaɓa. Ina godiya da abin da na koya a shekaru 3 da na yi tare da ku, ina kuma roƙon a ba ni takardar shaidar aiki."

Iyakarta ke nan. Kada ki rubuta "zan tafi ƙarshen wata" ko "nan ba da jimawa ba", irin wannan shi ke sa a ga sunan mutum a jadawalin dutin dare bayan ya riga ya isa makaranta, a rubuta masa gudun aiki. Ƙorafin albashi ko na wata sista da ba kwa shiri, ki bar shi a cikinki. Takardar nan fayil za ta shiga, kuma wannan metiron ɗin ce wataƙila za ki nema ta tsaya miki shaida nan gaba. Don haka ma ki fara samunta baki da baki, kada ta ji labarin a bakin 'yan wad.

Ki buga kwafi biyu, a sa wa naki hatimi da kwanan watan da aka karɓa. In gardama ta taso kan yaushe notis ya fara, wannan hatimin ne zai raba ku. Ranar tafiya kuma, makullin kabad ɗin magunguna masu tsauri da littafinsu, ku ƙirga tare da mai karɓa, ku sa hannu ku biyu.

Da a asibitin gwamnati kike, da na ce ki dakata ki fara neman hutun ƙaro karatu, ko da babu albashi, don kujerarki ta jira ki. Nan ma ba laifi ki tambaya. Sannan in asibitin ya taɓa biya miki kuɗin wani kwas kika sa hannu za ki yi musu aiki na wasu shekaru, ki duba ko wa'adin ya cika, don ajiye aiki ba ya goge wannan bashin.