Cikon kuɗi kafin ranar taro, da abin da za a riƙe idan an fasa

Tambaya: Assalamu alaikum yayyena. Aikin ƙawata wurin taro nake yi. Na karɓi wani aiki na ranar Asabar 20 ga Yuni, yau saura mako biyar. Na karɓi kafin alƙalami da baki kawai, babu takarda, yanzu kuma mai taron na cewa sai an tashi zai ba ni ciko. Ina so in rubuta masa cewa ya biya kafin ranar, kuma idan ya fasa ba zan mayar da ko kwabo ba. Yaya zan tsara wasiƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ɗauki biro, ki san cewa wasiƙar da za ki rubuta ba ta tunatarwa ba ce. Mutum ana tuna masa abin da ya yarda da shi ne, shi kuwa wannan bawan Allah bai taɓa yarda da ranar biya ko sharaɗin fasawa ba, tunda ba ku yi maganar ba. Idan kika aika masa takarda yau kika ce ga doka, ya karanta ya yi shiru, to maganarki ce ke kaɗai. Abin da kike nema shi ne amincewarsa. Saboda haka wasiƙar ta zo da wurin sa hannu a ƙasa, ko aƙalla ya amsa miki a rubuce cewa ya gani ya yarda. Nan gaba kuma, ranar da za ki karɓi kafin alƙalami ita ce ranar da za a sa hannu, domin a lokacin ne mutum yake neman ki, komai kika karanta masa zai saurara.

Sai batun ranar biya. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ɗauko ranar daga sama, in ce mako ɗaya kafin taro don haka na ji wasu suna yi. Ranar ciko daga littafin kashe kuɗinki take fitowa. Ki zauna ki rubuta kowace ranar da kuɗi zai bar hannunki ya tafi inda ba zai dawo ba, sannan ki ga inda abin da kika kashe ya zarce abin da kika karɓa. Kafin wannan ranar ne ya kamata ciko ya shigo.

Bari in yi miki misali da ranarki, ke kuma ki sa lissafinki na gaskiya a gurbin nawa. A ce aikin gaba ɗaya 1,000 ne, kin karɓi 300, saura 700. A cikin 1,000 ɗin akwai 200 na hayar kujeru da rumfa daga wani, wanda yake son rabi kwana 30 kafin taro, wato 21 ga Mayu, sauran rabin kuma ranar 6 ga Yuni. Akwai 250 na furanni da yadin ado da za a yanka daidai da wurin, su ma ranar 6 ga Yuni za ki ba da oda. Akwai 150 na ma'aikata da motar ɗaukar kaya, waɗanda sai ranar aiki za a biya su. Ragowar 400 shi ne ladan wahalarki da ribarki. Yanzu duba: ranar 21 ga Mayu 100 kawai ya fita, kina cikin kuɗin da ke hannunki. Amma ranar 6 ga Yuni abin da ya fita ya kai 450, alhali 300 kika karɓa. Daga wannan ranar da kuɗinki kike yi wa wani taro.

To ciko ya shigo kafin 6 ga Yuni, kuma ki bar wa kanki tazarar mako guda, saboda wanda aka ba rana sau da yawa sai washegari yake motsi. Mako uku kafin taro ya faɗa ranar Asabar 30 ga Mayu. Ni sai in jawo shi baya zuwa Juma'a 29 ga Mayu, don kada a ce miki ai banki ba ya aiki.

Kuma ki rubuta ranar da sunanta da kwanan watanta. Na taɓa rubuta wa wani “mako biyu kafin taro”, shi kuma taronsa na kwana uku ne, ni aikina a rana ta farko yake. Ya ƙirga daga rana ta ƙarshe, ni na ƙirga daga ta farko, muka yi ta jayayya a kan kwana biyu, kuma a gaskiya bai yi ƙarya ba, takardar tawa ce ta bar ƙofa a buɗe. Haka nan kalmar “biya”. Ki fayyace cewa biya shi ne kuɗi ya zauna a asusunki, ba hoton rasit da aka turo ta waya ba, ba kuma cakin da bai riga ya fashe ba. Ki buɗe asusun ki gani da idonki kafin ki ba da odar komai.

Yanzu zuwa ga “ba zan mayar da ko kwabo ba”. Na fahimci zafin da ya sa kika faɗi haka, amma ban ba ki shawara ba. Na farko, mutumin da kike lallashi ya biya 700 tun kafin ya ga aiki, idan ya karanta cewa ko me zai faru kuɗinsa ya tafi, sai ya ƙara riƙe aljihunsa. Na biyu, idan magana ta kai gaban alƙali ko wani mai sulhu, tambayar da aka fi yi ita ce: wace asara kika yi da har kika riƙe wannan adadin? Wanda ya riƙe daidai da asararsa yana da bakin magana. Wanda ya riƙe kuɗin motar da ba ta ko tashi ba, zai sha wuyar bayani. Dokar wannan fanni ta bambanta daga wuri zuwa wuri, idan aikin babba ne ki ba lauya ya duba miki takardar sau ɗaya, sai ki yi ta amfani da ita.

Abin da ke aiki shi ne matakala, kowane mataki a jingine da ranar da wani kuɗi ya fita. Ga yadda zuciyar wasiƙar za ta kasance da lissafinmu:

“Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Jimillar aikin ƙawata wurin taronka na Asabar 20 ga Yuni ita ce 1,000. Na karɓi 300, saura 700. Ina roƙon cikon ya shiga asusuna zuwa ranar Juma'a 29 ga Mayu, domin ranar 6 ga Yuni zan biya furanni da hayar kaya, kuma masu su ba sa mayar da kuɗi. Idan aka fasa taron zuwa 29 ga Mayu, kafin alƙalami na 300 ne kawai ba zai dawo ba. Daga 30 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni zan riƙe 500, in mayar da 500. Daga 6 ga Yuni zan mayar da 150 na ma'aikata da mota, sauran kuɗin kayan da aka riga aka biya ne da ladan wahalata. Fasawa a rubuce za a yi ta, kuma ranar da saƙon ya iso gare ni ita ce ranar lissafi. Abin da za a mayar zan mayar cikin kwana 14. Idan ciko bai shigo ba har zuwa Laraba 3 ga Yuni, zan ɗauka an fasa, kuma ranar ta koma hannuna. Idan kuwa ni ce na kasa yin aikin, zan mayar da duk abin da na karɓa har da kafin alƙalami.”

Ki lura da abu guda a wannan matakalar, shi ne wanda mutane suka fi mantawa: babu matakin da ya ce in riƙe fiye da abin da ke hannuna a ranar. Na ga takardun da suka ce wanda ya fasa saura wata guda zai biya rabin kuɗin aiki, alhali kashi 30 kawai aka karɓa. Wannan ba riƙewa ba ce, bin bashi ne, kuma bin bashin wanda taronsa ya rushe aiki ne da ban so wa kowa. Shi ya sa mataki na biyu ya fara washegarin ranar ciko, ba kafinta ba.

Jimlar ƙarshe, wadda kika ɗaure kanki da ita, kada ki cire ta don kina ganin ba za ta faru ba. Ita ce ke sa mutum ya ji takardar ta mu biyu ce, ba tarko ba. Sau da yawa a nan ne na ga fuskar mai taro ta saki.

Akwai kuma ɗagewa, wadda ta fi fasawa yawa nesa ba kusa ba. Ba kasafai za a kira ki a ce an fasa ba, cewa za a yi an matsa gaba. Idan takardarki ba ta ce komai ba, kuɗin zai zauna a wurinki ba tare da rana ba, wata rana a kira ki a ba ki ranar da kin riga kin sayar wa wani, kina cewa ba hali sai a ce to ke kika fasa, a mayar da kuɗi. Ki ƙara layi biyu: ana iya ɗagewa sau ɗaya, zuwa ranar da kike da sarari, cikin wata shida, abin da aka riga aka kashe wanda ba ya ajiyuwa, kamar ɗanyun furanni, mai taro zai sake biya. In ba a samu ranar da ta dace da ku biyu ba, a koma ga matakalar fasawa, a yi lissafi da ranar da aka sanar da ke.

Rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani kuwa, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Ni nakan cire abin da na kashe in mayar da sauran, amma ban rubuta shi a takarda ba, na bar shi alherin da nake yi da kaina. Haka idan na samu wani ya ɗauki ranar da aka sake, nakan mayar da wani abu daga kafin alƙalamin, tunda dalilin riƙe shi ya ragu.

Kada wasiƙar ta zama ita ce ta fara kai masa labarin. Ki kira shi tukuna, ki gaya masa da baki abin da zai gani a ciki da dalilinsa, sannan ki aika. Zai iya cewa shi ma yana tsoron ya biya duka a yi masa aikin banza, kuma tsoron nasa yana kan hanya. Idan ya tsaya a nan, lissafin da kika yi ya nuna miki iya inda za ki sassauta: ya biya 550 ranar 29 ga Mayu, ya riƙe 150 zuwa safiyar taro, a biya kafin a sauke kaya daga mota. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne bayan an tashi, lokacin da kowa ya gaji, masu bin kuɗi sun yi layi, kayanki kuma sun gama amfani.

Ki yi ƙoƙari amsarsa ta zo kafin 21 ga Mayu, ranar da za ki biya rabin kuɗin haya. Idan ranar ta zo bai sa hannu ba kuma bai amsa ba, ki kira mai hayar kayan ki nemi ya ƙara miki kwana biyu, kada ki tura masa komai tukuna.