Yaya 62 a Lissafi Ya Fi 75 a Hausa?

Tambaya: Malam, ni malamar aji ce a sakandare. Wata ɗalibata ta ci 62 a Lissafi, 75 a Hausa. Abokin aikina ya dage wai ta fi ƙoƙari a Lissafi. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Malama, ɗanyen maki ba ya faɗin komai sai an san yadda sauran 'yan aji suka yi. Abu biyu za ki nemo a kowane darasi: matsakaicin makin ajin, da ma'aunin warwatsuwa, wato yadda makin yara ke nesa da matsakaicin. Idan makin na jere a Excel daga B2 zuwa B46, `=AVERAGE(B2:B46)` zai ba ki na farko, `=STDEV.P(B2:B46)` na biyu. Sai ki cire matsakaicin daga makin yarinyar, ki raba abin da ya rage da warwatsuwar. Abin da ya fito shi ake kira makin z. A nan x makin yarinyar ne, μ matsakaicin, σ kuma warwatsuwar:

`z = (x − μ) / σ`

Mu ƙaddara matsakaicin Lissafi 50 ne, warwatsuwa 8. Ta ɗara matsakaici da 12, a raba da 8, makin z ɗinta 1.5 ke nan. A Hausa kuwa, a ce jarrabawar ta zo da sauƙi, matsakaici 70, warwatsuwa 10. Da 5 kawai ta ɗara, z ya zama 0.5. In haka lambobin suka fito, abokin aikinki na da gaskiya. Idan makin ya taru a tsakiya ya sirance a gefe biyu, 1.5 na nufin ta wuce kusan kashi 93 cikin ɗari na ajin, 0.5 kuma kusan kashi 69. Wanda ya gaza matsakaici zai samu z mai alamar ragi, wanda ya dace da shi daidai sifili. Don ki gane ko lissafinki ya tafi daidai, ki tara z na dukan ajin, dole ya ba da sifili.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen su wa aka gwada ta da su. Makin z matsayinta yake nunawa a cikin rukuni, ba yawan abin da ta sani ba. Idan kowa na ɗaukar Hausa amma Fiziks zaɓaɓɓun yara ne kaɗai ke ɗauka, 0.5 a Fiziks zai iya fin 1.0 a Hausa daraja, domin cikin gwanaye ta samo shi. Saboda haka ki kwatanta darussan da yara iri ɗaya suka zauna wa.

Ki kuma lura da sifilin waɗanda ba su zo jarrabawa ba (wasu malamai kan cike gurbin da shi don sauri). Biyu ko uku sun isa su ja matsakaici ƙasa, su kumbura warwatsuwa, su ɓata z na kowa. Ki bar gurbin fanko, Excel zai tsallake shi.