Sun riƙe min kuɗi sai na tura katin shaida: damfara ce?

Tambaya: Malam, na ci kuɗi a wani shafin caca, da na zo cirewa sai suka ce in tura katin shaida da takardar da ke nuna adireshina. Lokacin sakawa ba su tambaye ni komai ba. Kuma da katin bankin yayana na saka kuɗin. Wani ya ce in biya shi zai gyara min takardar banki ta fito da sunana. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, neman takardun shi kaɗai ba alamar damfara ba ne. Duk shafin da ke da lasisi an ɗora masa ya san wanda yake biya, abin da za ka gani a allo da sunan KYC. Tushensa ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram ne, irin waɗanda hukumar FATF, da aka kafa a 1989, take shimfiɗa wa ƙasashe. Suna son su tabbatar ka kai shekarun da doka ta yarda, galibi 18, ba da katin sata aka saka kuɗin ba, kuma ba ka buɗe asusu uku don kwasar garaɓasa ba. Adireshi kuwa shi ke nuna ko kana zaune a ƙasar da lasisinsu ya ba su damar karɓarka. Ni ma ina ganin rashin adalci ne a karɓi kuɗin mutum shiru, sai ranar biya a tuna da doka. Birtaniya ta hana hakan tun 2019, can sai an tantance mutum kafin ya fara wasa.

Amma wancan mai gyaran takarda, ka guje shi. Kullum sai na gamu da wanda irinsu suka kai shi suka baro. Mutane sun ɗauka wani ma'aikaci ne zai leƙa hoton da ido ya danna amincewa. Ba haka ba ne. Takardar banki ta PDF tana ɗauke da bayanin manhajar da aka haɗa ta da ita da lokacin da aka taɓa ta. Harafin da aka liƙa a kan sunan yayanka ba zai zauna daidai da sauran layin ba, ana faɗaɗa shafin za a ga ya ɗan yi sama ko ya fi baƙi. Yanzu laifinka saɓa sharaɗi ne, ka yi amfani da katin wani. Kana tura takardar jabu, ya koma zamba: za a rufe asusun, a soke abin da ka ci, kuma shafin na iya kai rahoto ga hukuma. Shi kuma mai gyaran ya riga ya karɓi kuɗinsa, ga hoton katinka da na yayanka a wayarsa, da su zai iya buɗe wasu asusun da sunanku. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ka rubuta wa shafin gaskiya. Ka ce katin na yayanka ne kuma da saninsa. Mai yiwuwa su nemi shaidarsa, su mayar da abin da aka saka zuwa katinsa, domin ƙa'idar ita ce kuɗi su koma ta hanyar da suka shigo. Ba zan ɓoye maka ba, ribar na iya salwanta, ya danganta da sharuɗɗan da ka amince da su ranar rajista. Ka karanta su kafin ka rubuta.

Wajen haɗa takardun, fara da kwatanta suna. In ka rubuta Mohd a rajista alhali fasfo ko lasisin tuƙinka na ɗauke da Muhammad, ka nemi su gyara kafin ka tura komai, haka ma ranar haihuwa. Ɗora katin shaidar a kan tebur mai duhu kusa da taga, ka kashe fitilar kyamara don kada haske ya rufe lambar, kusurwa huɗun duka su fito, gaba da baya. Wanda wa'adinsa ya ƙare ba ya shiga. Shaidar adireshi takardar banki ce ko ta wuta ko ta ruwa, da sunanka, yawanci wadda ba ta wuce wata 3 ba. In takardar wutar da sunan mai gida take, ka sa banki ya sabunta adireshinka ya ba ka sabuwa. In sun nemi hoton katin banki, ka bar lambobi 6 na farko da 4 na ƙarshe, ka rufe na tsakiya da CVV na baya.

Ta cikin asusunka kaɗai za ka ɗora su. Duk wanda ya biyo ka ta saƙon waya yana neman lambar sirri, ko OTP, ko ya ce ka biya kuɗin sakin kuɗinka, ɓarawo ne. In ka cika komai suna ta ja maka rai, duba ƙasan shafin, akwai sunan hukumar da ta ba su lasisi, ka kai ƙorafi can tare da hotunan duk saƙonnin da kuka yi.