Kullum ina rubuta ayyuka, amma na dolen ne suke kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗinki nake yi a gida a Gwammaja, yarana uku. Kullum sai na rubuta abin da zan yi, amma dare yana yi sai in ga na gaji liƙis, muhimman kuma ban taɓa su ba. Don Allah yaya kuke raba aikin dole da wanda zai iya jira?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, har sai da na ajiye almakashi na zauna in amsa miki. Ni ma tela ce, a Ɗorayi nake, kuma wannan ciwon na yi shekaru ina fama da shi kafin wata mata ta warkar da ni da baƙar magana a tsakar gidana.

Bari in ba ki labarin, don har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Kayan kamun wata amarya aka kawo mini, leshi, riga da siket. Kamun ranar Alhamis ne bayan la'asar. Gwaggon amaryar ce ta kawo, kuma sai ranar Lahadi da daddare ta kawo shi, alhali tun wata guda aka sa ranar bikin. Na ce Hajiya lokaci ya ƙure, ta ce haba 'yata, ke ce kawai muka yarda da hannunki. Kunya ta sa na karɓa. Litinin ta kira ta ce a canza wuya. Talata ta turo hoton wani hannu daban, bayan na riga na yanka. Duk na haɗiye.

Ranar Laraba na tashi da takardata, abu goma sha bakwai na rubuta. Na wanke labulen falo, na tattara ƙyallayen da suka taru a bayan keke na jera su launi launi, na je barka Sharaɗa, na yi wa ƙaramata tsifa, na gyara siket ɗin maƙwabciya wanda ba ta ma tambaya ba tukuna. Kowanne na gama sai in ja masa layi da biro ina jin daɗi. Goma sha uku na soke ranar nan, har ina yaba wa kaina. Na goma sha huɗu shi ne sayen zif da shafin rigar amarya. Sai bayan isha na ɗaga leshin na ga ba ni da zif mai launinsa, shafin da ke gida kuma ko rabin siket ba zai kai ba.

Alhamis da safe na tari adaidaita sai kasuwar Kwari. Zuwa da neman launi da cunkoson hanya, ban shigo gida ba sai da ake kiran azahar. Ina zuwa na tarar an ɗauke wuta, na koma keken ƙafa, guga kuma sai na gawayi. Ƙarfe huɗu matar nan ta yi sallama, ni ko zif ban sa ba. 'Yar'uwa, ba ta shiga ɗaki ba, a tsakar gida ta tsaya, gidan haya, kowa ya fito. Ta ce dama an gaya mata teloli ba su da alkawari, ta ce na ci amanar marainiya, ta ce da ta sani da ta kai wa masu shago na gaske. Babbar 'yata tana tsaye tana kallona, hannuna yana rawa allura ta soke ni, ina tsoron jini ya taɓa leshin. Ko sau ɗaya ba ta ambaci cewa ita ta kawo kayan a makare ba, balle canjin da ta yi sau biyu. Ta karɓi kayan kusan biyar da rabi ta fita ko sai anjima babu. Cikon kuɗina har yau yana hannunta, kuma mun haɗu a wani suna ta ɗauke kai kamar ba ta taɓa ganina ba. Na bar ta da Allah, amma ban ce na yafe kuɗin ba.

To da na huce na duba takardar nan, sai na gane nawa laifin. Duk abubuwan a layi ɗaya na jera su, wankin labule da zif ɗin amarya darajarsu ɗaya a ido. Ita kuwa zuciya, in aka ba ta zaɓi, mai sauƙi take ɗauka, saboda jan layin nan yana da daɗi.

Abin da nake yi yanzu, a bayan littafin awona nake yi, ba wani sabon littafi ba, don shi ne kullum yake kan keke. Bayan isha, in yara sun kwanta, sai in raba shafi biyu da layi daga sama zuwa ƙasa. Gefe ɗaya in rubuta Dole, ɗayan in rubuta In an samu hali. Da daddare fa, kada ki bari sai safe, don da safe neman safar makaranta da kukan shayi ba za su bar kanki ya yi tunani ba. Kuma daren ne zai nuna miki abin da babu a gida tun kina da damar aika wani da sassafe.

Kafin abu ya shiga Dole, tambaya biyu nake masa. In rana ta faɗi ban yi shi ba, wa zai cutu, ko me zan yi asara? Sannan in na bar shi gobe, zai yiwu daidai yadda zai yiwu yau? In babu wanda zai cutu kuma gobe ma ƙofarsa a buɗe take, to ba dole ba ne, ko da yana damuna a rai. Labule mai datti yana damun rai, amma bai taɓa tsayawa a tsakar gida ya zagi mutum ba. Za ki lura yawancin na dolen agogon wani ne yake riƙe da su: ranar bikin mai kaya, lokacin tashin kasuwa, ranar ganin likita, kuɗin makarantar da aka ce ranar kaza za a koro yara.

Uku nake sawa a Dole, ba na wucewa. Na san za ki ce naki sun fi uku, ni ma haka na ce. Amma ki lissafa lokacinki na gaskiya. Ni daga tara na safe, bayan yara sun tafi na kimtsa gida, zuwa ɗaya, awa huɗu ke nan. Bayan la'asar in sun tafi Islamiyya ina da awa biyu zuwa magariba. Shida ke nan duka, kuma huɗu kawai nake cikawa, saboda baƙuwa za ta yi sallama, wuta za ta tafi, zare zai tsinke. Riga da siket marar ado, daga yanka zuwa guga, awa uku yake ci mini. Zuwa Kwari da dawowa shi ma kusan uku ne. Kin ga ranar da zan shiga kasuwa ba ranar gama ɗinki ba ce, ko na rubuta ƙarya na yi wa kaina. In kika ga Dole ya kai bakwai ko takwas, ba takardar ce ta yi kaɗan ba, aikin da kika karɓa ne ya fi ƙarfinki, sai ki ɗaga waya tun da wuri ki ba wata haƙuri ki sa mata sabuwar rana. Haƙurin ranar Litinin ana karɓarsa, na ranar biki kuwa ba mai saurara.

Sannan ki daina rubuta babban abu dunƙule. Ni da “kayan amarya” nake rubutawa, kalma biyu, alhali aiki shida ne a ciki. Ki rubuta abin da hannu zai yi, ki ɗaura shi a jikin salla. Ga nawa na jiya Talata: yanka anko biyu na bikin Asabar kafin azahar, aika yaro da ƙyallen atamfar ya sayo zif da zare kafin la'asar, sayo wa Mama maganin hawan jini don ƙwaya ɗaya ta rage mata. A ɗaya gefen akwai barka, wankin takalman yara, ɗaukar hoton ɗinki in sa a waya, da zuba wa keke mai. Na yi ukun, na zuba mai, sauran suka kwana, ni ma na kwana lafiya lau. Girki da shara da wanke-wanke ba na rubuta su, ai ba mantawa zan yi ba, cika takarda kawai suke yi su sa ki ji kamar kin yi abin kirki. Kuma ba na taɓa gefe na biyu sai na gama aƙalla na farko a Dole. Mai bukatar wuta kuwa, guga ko injin, duk lokacin da aka kawo ta shi ne a gaba, komai na hannuna ajiyewa nake.

Maganar zumunci ita ce ta fi ba ni wuya, don mu nan in ba ki je ba an dinga yi da ke ke nan. Sai na gane shi ma yana da wa'adi. Barka kina da kwana shida kafin suna, don haka a kwanakin farko tana In an samu hali, in ta kai jajiberin suna ban je ba sai ta tsallako Dole. Rasuwa ta kusa kuwa ba ta jiran takarda, ranar sai ki rufe littafin ki kira masu kaya. Wata facalata ta taɓa cewa tun da na fara samun kuɗin ɗinki na daina zuwa barka ranar farko. Ban tanka mata ba, ita da ba ta taɓa leƙo ni ba lokacin da na kwanta ciwon baya wata biyu, ciwon da zaman keke ya jawo mini. Ke ma ki kula da kujerar da kike zama, ki sa matashi a bayanki, ki riƙa miƙewa ko sau ɗaya a awa.

Abu guda da zai ruɗe ki: akwai aikin da zai yi ta kwana a gefe na biyu kina sake kwafe shi. Ni in na kwafe abu sau uku sai in tsaya in yanke masa hukunci. Ko dai in sa masa rana ya zama na dolen ranar, ko in ba wani ya yi, ko in soke shi gaba ɗaya. Canza bel ɗin kekena haka na yi ta kwafe shi sati biyu, har ya tsinke ana saura kwana huɗu ƙaramar salla, na yi asarar yini guda ina neman mai gyara. Abin da bai cutar da kowa yau ba amma zai tsayar miki da sana'a, ki ba shi safiyar Juma'a ko wata ranar da ba ki da masu karɓa.

Kuma don Allah, ranar da aka kawo miki kaya ki buɗe su a gaban mai su, ki duba zif da shafi da zare a take, ki rubuta sayensu a Dole na washegari, ba na jajiberin karɓa ba. Ki karɓi fiye da rabin kuɗinki kafin almakashi ya taɓa yadi, ko da gwaggon amarya ce ta kira ki 'yata.